Razista 40 Ω a da'irar RLC ta faralel: me ya sa boltej ya gangara ƙasa da sifili?

Nura Ringim: Assalamu alaikum, malamai. Na haɗa koyil mai 10 mH da kafasita mai 1 µF da razista mai 40 Ω, duka ukun faralel. Razistan guda biyu ne masu 20 Ω na jera su siris. Ina caja kafasitan da batir har ya kai 12 V, sannan in juya makunni ya rabu da batir ya haɗu da koyil da razista. A lissafina saiwoyin biyu na ikweshan ɗin da'irar lambobi ne na zahiri, babu j, wato saiwar -1, a cikinsu, ke nan bai kamata a ga kaɗawa ba. Amma a osiloskop boltej yana faɗowa, ya ƙetare sifili, ya kai kusan 1 V a ƙasa, sannan ya dawo a hankali. Lissafin ne da gyara ko kayan ne?

Injiniya Bala Kazaure: Wa alaikumus salam, Nura. Lissafinka lafiya lau, kayanka ma haka. Abin da ka gani shi ya kamata ka gani. Bari mu taso daga tushe don kowa ya biyo mu.

Tunda ukun faralel suke, boltej ɗaya ne a kansu, mu kira shi v. Babu batir a da'irar bayan an juya makunni, don haka dokar Kirchhoff ta ce karan ɗin da ke fita ta rassan uku idan an tara su sifili ne. Na razista v/R ne, na kafasita C dv/dt, na koyil kuma yana canzawa ne da gudun v/L. Idan aka ɗauki canjin kowanne da lokaci aka raba da C, sai a gwada amsa mai siffar e^(st), ga abin da ke fitowa:

```
d²v/dt² + (1/RC) dv/dt + v/(LC) = 0
s² + s/(RC) + 1/(LC) = 0
α = 1/(2RC)      ω0 = 1/√(LC)
s = -α ± √(α² - ω0²)
```

A naka, LC ya zama 10^-8, don haka ω0 = 10,000. RC kuma 40 µs ne, α = 12,500. Murabba'in 12,500 a cire murabba'in 10,000, saiwar abin da ya rage 7,500 ce. Saiwoyinka su ne -5,000 da -20,000. Haka ka samu?

Nura Ringim: Su ne daidai, Injiniya. Shi ya sa ƙetare sifilin ya ɗaure min kai.

Injiniya Bala Kazaure: To saura rabin aikin. Saiwoyi suna gaya maka irin gudun da kowane kashi na amsar zai mutu da shi, amma ba sa faɗin girman kashin ko alamarsa. Wannan daga yanayin farawa yake fitowa. A lokacin da ka juya makunni, kafasita na da 12 V, koyil ba ya ɗauke da karan ko kaɗan, kuma karan ɗin koyil ba ya tsalle. Ke nan a wannan ƙiftawar razista kaɗai ke jan karan, 12/40 = 0.3 A, dukansa daga kafasita. Raba 0.3 da 1 µF, boltej na faɗuwa da gudun 300,000 V a daƙiƙa. Amsar tana da siffar v = A1·e^(-5000t) + A2·e^(-20000t), sai mu sa yanayin farawar a ciki don a samu A1 da A2:

```
A1 + A2 = 12
-5000·A1 - 20000·A2 = -300000
A1 = -4      A2 = 16
v = -4·e^(-5000t) + 16·e^(-20000t)
```

Dubi alamar A1. Kashin 16 yana mutuwa da sauri ninki huɗu, idan ya tafi sai ya bar kashin -4 shi kaɗai a fili. Suna yin kunnen doki a wajen 92 µs, nan boltej ke ƙetare sifili. Yana kai ƙarshen gangarawarsa a wajen 185 µs, kimanin -1.2 V, daga nan ya riƙa hawowa zuwa sifili daga ƙasa ba tare da ya sake ƙetarewa ba.

Dalilinsa a cikin kayan shi ne, tun daga 12 V har zuwa sifili koyil na ta tara karan. Lokacin da boltej ya kai sifili, karan ɗin koyil yana kan ganiyarsa, kuma dole ya ci gaba da tafiya, sai ya caja kafasita ta baya. Amsa mai saiwoyi biyu na zahiri tana iya ƙetare sifili sau ɗaya, ba ta iya yin biyu. Idan ka ga ƙetarewa ta biyu da ta uku, to a nan ne za ka ce akwai j a saiwoyinka.

Sabi'u Mai Rediyo, Bichi: Ni dai a sanina ƙara razista ake yi idan ana son kashe kaɗawa. Nura, cire 40 ɗin ka sa 470 ko 1 k, za ka ga ya kwanta. Razista ai shi ke cin wutar.

Malama Hadiza Gumel: Malam Sabi'u, maganarka gaskiya ce a da'irar siris, inda α yake R/(2L). A can karan ɗaya ke ratsa duka ukun, babban razista sai ya tare shi. A faralel R a ƙasan layi yake, 1/(2RC), don haka abin juyawa yake yi. Wutar da razista ke ci a nan v²/R ce. Ka ɗauke shi kamar ɓula a jikin tulu, ƙaramin om shi ne babbar ɓula. Idan Nura ya sa 1 k ya rage ɓular ne, ƙarfin da ke cikin da'irar sai ya daɗe yana kai da komo tsakanin koyil da kafasita.

Iyakar tana inda α ya yi daidai da ω0, wato R = ½√(L/C). A kayan Nura √(L/C) = 100 Ω, iyakar 50 Ω ke nan. Ƙasa da 50 babu kaɗawa, sama da 50 akwai.

Sabi'u Mai Rediyo, Bichi: Na karɓa, Malama. Kuma ya yi daidai da abin da ke cikin rediyo, domin da'irar kamo tasha faralel ce, kuma idan aka ɗora mata ƙaramin razista kaifinta ke dushewa, tasoshi su hau juna. To amma idan haka ne, a sa masa 25 Ω ko 10 Ω mana, ya mutu nan take.

Injiniya Bala Kazaure: Nan ne wurin da ya fi dacewa a tsaya, Malam Sabi'u, domin ba haka saiwoyin ke nunawa ba. Dubi ikweshan ɗin: idan ka ninka saiwoyin biyu da juna kullum 1/(LC) za ka samu, ko me ka yi wa R. Idan ka rage R, jimlarsu na girma amma ninkinsu na nan a 10^8. Hanyar da hakan zai yiwu ɗaya ce, wata saiwar ta yi nisa, ɗayar ta matso kusa da sifili. Wadda ta matso ɗin kuwa ita ce mai jan wutsiya.

Da 25 Ω, α = 20,000, saiwoyin kimanin -2,680 da -37,320. Lokacin mutuwar ta farkon 373 µs ne, alhali da 40 Ω 200 µs ne, da 50 Ω kuma 100 µs. Ma'anarsa ita ce kafasita na zubar da cajinsa cikin razista da sauri, amma ɗan karan ɗin da koyil ya riga ya ɗauka yana zagayawa ta ƙaramin razista, ba abin da ke tare shi sosai. Saiwar mai jinkirin tana kusantar -R/L, mai saurin tana kusantar -1/(RC). Da'irar ta zama kamar an raba ta biyu, RC dabam, RL dabam.

Sabi'u Mai Rediyo, Bichi: Amma Injiniya, wutsiyar da kake faɗa nawa ce girmanta? Idan razista ya riga ya cinye yawancin wutar tun farko, abin da ya rage wa koyil ai ba yawa.

Injiniya Bala Kazaure: Tambaya mai kyau, kuma kana da gaskiya a nan. Da 25 Ω, A1 kimanin -0.93 ne kawai, ba -4 ba. Idan ka duba a 500 µs, mai 25 Ω yana wajen -0.24 V, mai 40 Ω yana -0.33 V, mai 50 Ω yana -0.32 V. A wannan lokacin naka ne a gaba. Amma a 1 ms, mai 25 Ω yana -0.064 V, mai 40 Ω -0.027 V, mai 50 Ω kuma -0.005 V. Ke nan idan buƙatarka ita ce kada boltej ya gangara ƙasa sosai, ƙaramin razista ya fi. Idan buƙatarka ya lafa ƙurmus da wuri, ka tsaya kusa da 50.

Sabi'u Mai Rediyo, Bichi: A aikin gyara wa zai damu da 0.06 V? Ni har yanzu ƙaramin nake ganin ya fi.

Malama Hadiza Gumel: Ya danganta da abin da ke gaban da'irar. Idan awo ake yi a ma'aunin miliyabolt, 0.06 V babban abu ne. Idan fitila ce ba komai ba ne. Sannan a tuna lambobin nan na farawar Nura ne, kafasita cike, koyil fanko. Idan aka fara da karan a koyil, wutsiyar ce ke ɗauke da kusan dukan ƙarfin, ƙaramin razista sai ya zama shi ne mafi jinkiri ba tare da musu ba.

Nura Ringim: Na gwada ɗaya ɓangaren don in gani da idona. Na sa 1 k biyu faralel, 500 Ω ke nan. Yanzu kaɗawa ta fito ɓaro-ɓaro. Na lissafa α = 1,000, ωd, wato gudun kaɗawar √(ω0² - α²), kimanin 9,950, zagaye ɗaya 0.63 ms, kuma tazarar da na auna a allo ta yi daidai da haka. Sai dai tsayin bai yi ba. Lissafi ya ce kowane zagaye zai bar kashi 53 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, wato 12, sai 6.4, sai 3.4. Ni kuwa daga 12 sai na ga wajen 3.5, na gaba da ƙyar ya kai 1.

Alhaji Garba Riwayindin, Hadejia: Yaro, cire koyil ɗin ka ɗora masa mita a ma'aunin om ka gaya mana. Ba a samun 10 mH a ƙaramin koyil sai da siririyar waya mai naɗi da yawa, kuma jan ƙarfe ba kyauta yake wuce da wuta ba.

Nura Ringim: Baba Alhaji, ya nuna 20 Ω da ɗan ɗigo.

Injiniya Bala Kazaure: Alhaji ya gano shi. Wannan 20 Ω ɗin yana zaune siris da L a cikin reshen koyil, kuma littafi ya ɗauke shi sifili. Idan aka sa shi a lissafi da sunan r, ikweshan ɗin ya koma haka:

```
s² + (1/RC + r/L)·s + (1 + r/R)/(LC) = 0
α = 1/(2RC) + r/(2L)
```

Da r = 20 da L = 10 mH, r/(2L) ya zama 1,000, daidai da abin da razistanka mai 500 Ω ke bayarwa. Ke nan α ya ninka zuwa 2,000. Ita kuwa ωd ta koma 10,000, bambancin da ba za ka gani a allo ba, shi ya sa tazarar ta yi maka daidai amma tsayin ya ƙi. Kowane zagaye yanzu yana barin kimanin kashi 28 cikin ɗari: 12, sai 3.4, sai ƙasa da 1 kaɗan. Abin da ka auna ke nan.

Wannan r ɗin ne kuma ya sa a gwajinka na farko ka ga kusan 1 V maimakon 1.2. Da shi a ciki saiwoyin mai 40 Ω suna komawa wajen -7,800 da -19,200, gangarawar ta tsaya a kimanin -0.9 V. Tasirinsa a can kaɗan ne saboda razistan waje ne ke cin yawancin wutar. Da ka girmama R sai asarar koyil ta fito fili. Ko ka cire razistan gaba ɗaya, α ba zai sauka ƙasa da 1,000 da wannan koyil ɗin ba.

Kuma za ka iya bi ta baya. Auna tsayin tudu biyu masu bin juna a ɓangare ɗaya, ɗauki ln na rabonsu, raba da tazarar lokacinsu, α ya fito. Tazarar kuma ta ba ka ωd = 2π/T. Saiwoyin ke nan ka karanto daga allo, -α ± jωd.

Alhaji Garba Riwayindin, Hadejia: Ƙarin abu guda. Awon mita na wutar batir ne. Idan koyil na da ƙarfe ko farait a cikinsa, shi ma yana cin nasa idan wuta na kai da komo, don haka asarar gaske takan ɗara abin da mita ta nuna. Sannan idan karan ya yi wa ƙarfen yawa ya ƙoshi, L na raguwa. Alamarsa ita ce zagayen farko ya fi na baya gajarta. A nan karan ba zai wuce 12/100, wato 0.12 A ba, ka duba ko koyil ɗinka na ɗaukar haka.

Musa Sola, Dambatta: Salam. Ku gafarce ni, na shigo a tsakiya. Wannan RLC ɗin shi ne kafasitan da ake sa wa famfon burtsatse don ya tashi? Ina da kwantakta mai koyil na 24 V a wani famfon sola, duk lokacin da ya saki sai taransistan da ke kunna shi ya ƙone. In ƙara girman kafasitan famfon?

Malama Hadiza Gumel: Malam Musa, kafasitan tayar da mota wani abu ne dabam, yana aiki ne da wutar da ake turo masa ba yankewa. Mu muna magana ne kan abin da da'ira ke yi ita kaɗai bayan an raba ta da wuta. Kada ka taɓa kafasitan famfon. Amma ƙonewar taransistanka ta shafi zancenmu kai tsaye.

Injiniya Bala Kazaure: Haka ne. Naka shi ne farawar da Malama ta ambata, karan a koyil. Lokacin da taransista ya yanke, koyil ɗin kwantakta na ɗauke da karan I0, kuma abin da ke faralel da shi ɗan kafasitans ne na tsakanin naɗin waya da kuma R mai girman gaske. Babban R a faralel kuwa mun ce kaɗawa mai ƙarfi ce. Boltej na farko na iya kusantar I0·√(L/C).

Ban san lambobin koyil ɗinka ba, amma mu ara na Nura. Karan 0.1 A a 10 mH, da 1 µF a kansa, 10 V ne kawai. Cire kafasitan ka bar 100 pF na tsakanin waya, √(L/C) ya zama 10,000 Ω, lissafi ya ba da 1,000 V. Taransista ba ya jira a kai can, yana fashewa tun a hanya. Idan ka ɗora razista faralel da koyil, boltej ɗin da koyil zai tayar ba zai wuce I0·R ba, sai ka tara shi da 24 V ɗinka ka kwatanta da ƙarfin taransistan. Illarsa ita ce yana cin wuta duk lokacin da koyil ke kunne.

Tunda koyil ɗinka na wutar batir ne, abin da aka saba shi ne dayod a kan koyil, a juye, zoben jikinsa yana kallon fulas. 1N4007 ya isa yawancin ƙananan koyil. Ka sani dai da dayod kwantakta zai ɗan yi jinkirin saki, saboda dalilin da muka faɗa wa Malam Sabi'u, karan na zagayawa ba abin da ke tare shi sosai. Kuma da zarar dayod ya shiga, ikweshan ɗinmu ya daina aiki yadda yake, domin dayod ba ya bin v = iR.

Musa Sola, Dambatta: Na gode, Injiniya. Idan koyil ɗin na 230 V ne irin na wutar layi fa?

Alhaji Garba Riwayindin, Hadejia: A wannan kada ka sa dayod, zai zama gajeriyar hanya a rabin kowane zagaye. Razista da kafasita ake jerawa siris a ɗora su a kan koyil, ko a sa barista, wato razistan da om ɗinsa ke raguwa idan boltej ya yi yawa. Kafasitan kuma ya zama wanda aka yi don wutar layi.

Aminu Wudil: Malamai, mu a ɗakin gwaji ba makunni muke amfani da shi ba, janaretan sigina muke sa wa mai fitar da igiya mai kusurwa. Mun haɗa kaya irin na Nura da 500 Ω, amma kaɗawa ta ƙi fitowa sam, sai dai ya tashi ya kwanta.

Malama Hadiza Gumel: Aminu, kai tsaye kuka haɗa janaretan da da'irar? Yawancinsu suna da 50 Ω a mafitarsu. Daga wajen da'irar, wannan 50 ɗin faralel yake da 500 ɗinku, jimlarsu kimanin 45 Ω, ta faɗa ƙasa da iyaka. Ku sa razista mai 10 k tsakanin janareta da da'irar. Zai rage 500 zuwa wajen 476 kawai, sai ku sa wannan a lissafi. Siginar za ta ƙanƙance ƙwarai, ku buɗe janaretan ku rage ma'aunin boltej a osiloskop. Ku kuma sa shi a 50 Hz ko 100 Hz don kowace kaɗawa ta gama mutuwa kafin gefe na gaba ya zo.

Nura kuma, wane irin kafasita ka sa? Tunda boltej na juyawa, mai gwangwani mai fulas da mainas bai dace ba, balle a gwajin 500 Ω da yake gangarawa sosai. Ka nemi marar kai da gindi, wanda aka rubuta 105 a jikinsa.

Nura Ringim: Mai 105 ne, Malama, da harafin K a gefe. Saura tambaya ɗaya. Ina so in ga na kan iyaka, inda saiwoyin biyu suka haɗe a -10,000. Na sa 100 Ω biyu faralel, amma hoton kusan ɗaya ne da na 40 Ω.

Injiniya Bala Kazaure: A takarda amsarsa v = 12(1 - 10000t)·e^(-10000t) ce. Yana ƙetare sifili a 100 µs, ya kai -1.6 V a 200 µs. Kwatanta da 92 µs da -1.2 V na mai 40 Ω, ka ga kusancinsu tun kafin r ya shiga. Siffar ikweshan ce ke canzawa a iyaka, amma hoton yana sauyawa ne sannu a hankali, babu tsalle. Ko da 56 Ω, inda akwai j a saiwoyin, α na wajen 8,900, ωd wajen 4,500, tudun da zai biyo bayan gangarawar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari nata ba, kaurin layin allo ya rufe shi.

Sannan harafin K yana nufin kafasitanka na iya kaucewa da kashi 10 cikin ɗari. Wannan kaɗai na motsa iyakar da kusan kashi 5, tsakanin 48 da 53 Ω, koyil ma da tasa kaucewar. Shi kansa r mai 20 Ω yana sauko da ita zuwa wajen 45 Ω, don haka 50 ɗinka ma ya riga ya ɗan haura iyaka. Idan kana so ka ga sauyin, sa razista mai murɗawa na 500 Ω da 22 Ω a jere da shi don kada ka kai sifili, ka faro daga sama kana ragewa kana ƙirga tudun da ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Sabi'u Mai Rediyo, Bichi: Nura, idan ka yi haka ka sauka har 25 Ω ka ɗauko mana hoton a 500 µs da 1 ms. Da wannan 20 Ω na koyil a ciki, ina zaton wutsiyar ba za ta yi tsawon da Injiniya ya lissafa ba.

Injiniya Bala Kazaure: Ba za ta yi ba kam, saiwar mai jinkirin za ta koma wajen -4,800 maimakon -2,680. Amma ta mai 40 Ω ma ta koma -7,800, tana nan a gaba. Nura, ka sa osiloskop ya kama sau ɗaya, kuma idan makunnin na tsalle-tsalle yana ɓata farkon hoton, ka maimaita har ka samu mai tsabta kafin ka auna.